Alamar Ragi, Baka da Iyaka: Inda Makin Ɗaliban Lissafi Ke Zubewa

Da yawa daga ɗaliban da ke faɗuwa tambayar intagireshan a shekarar farko ta jami'a ba rashin sanin darasin ne ke kayar da su ba. Duk malamin da ya saba duba takardun amsa ya san haka. Za ka ga yaro ya ɗauko hanyar da ta dace, ya tuna ƙa'idar da ake bukata, ya yi layi uku ko huɗu lafiya lau, sai a layi na biyar wata 'yar alamar ragi ta ɓace, ko ya ƙi buɗe baka, ko ya ɗora lambobin wata iyaka a kan wani harafin da ba nasu ba. Daga nan har ƙarshen shafi aikin banza yake yi, alhali kansa na ba shi cewa ya ci.

Wannan ne ya sa na rubuta wa ajina wasiƙa bayan na gama duba gwajin tsakiyar zango. Jan biro a gefen takarda ba ya aiki yadda muke zato, domin ɗalibi makinsa kawai yake dubawa ya ninke takardar ya sa a jaka. A wasiƙar ban ambaci sunan kowa ba, ban kuma sa lambar kowa ba. Na dai tattaro kurakuran da suka yi ta maimaituwa, na warware kowanne ta hanyar daidai da kuma ta hanyar da aka ɓata shi. Abin da ke cikinta ya shafi iyaye da malaman sakandare kamar yadda ya shafi ɗaliban, shi ya sa nake kawo shi nan.

Amma tukuna, mene ne intagireshan ɗin? A ce mota ta tashi daga tsaye tana ƙara gudu, ta yadda a daƙiƙa ta t gudunta mita 2t ne a kowace daƙiƙa. A daƙiƙa ta 1 tana gudun mita 2, a daƙiƙa ta 3 tana gudun mita 6. Mita nawa ta ci tsakanin waɗannan lokuta biyu? Ba za a ninka gudu da lokaci kai tsaye ba, tunda gudun bai tsaya wuri ɗaya ba. Dabarar ita ce a yanyanka lokacin gutsi-gutsi, a lissafa tafiyar kowane gutsure, a tara su duka. Wannan tarawar ita ce intagireshan. Idan aka zana gudun a takarda, amsar ita ce girman filin da ke ƙarƙashin layin zanen, daga wannan iyaka zuwa waccan.

Sai dai ba wanda ke zama ya tara gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Ana neman wani lissafi ne wanda saurin canjawarsa shi ne 2t, kuma shi ne t². Ka ɗauke shi kamar mitar nan ta gaban direba mai ƙirga kilomita: in kana son sanin nisan Kano zuwa Zariya, sai ka karanta ta a Zariya ka cire abin da ta nuna a Kano. Haka ake rubutawa:

∫₁³ 2t dt = [t²]₁³ = 9 − 1 = 8

Mita 8 ke nan. Kowa na iya tabbatarwa ba tare da ya shiga jami'a ba: gudun ya tashi daga 2 zuwa 6 a miƙe, tsaka-tsakinsa 4, a ninka da daƙiƙa 2, a samu 8. Doguwar alamar nan mai kama da S Gottfried Leibniz ne ya fara amfani da ita a 1675, ɗora ƙananan lambobi biyu a samanta da ƙasanta kuwa ya yaɗu ne ta hannun Joseph Fourier, musamman a littafinsa na 1822 kan yadda zafi ke ratsa abubuwa. Rubutu ne mai tsimin gaske. Aikin da zai cika shafi an matse shi cikin 'yan alamomi, don haka kowace ɗaya tana ɗauke da nauyi, in ta faɗi sai amsa ta faɗi da ita.

Na fara wasiƙar da alamar ragi, wadda ɗalibai ke kira mainos. Wurin da ta fi ɓacewa shi ne wajen sin x. Ga wanda bai yi wannan darasi ba, sin x layi ne mai hawa da sauka: yana tashi daga 0, ya kai 1 a tsakiya, ya dawo 0 idan x ta kai π, wato kimanin 3.14. Abokinsa cos x kuwa daga 1 yake farawa, ya yi ta gangarowa har ya kai −1 a π. Ƙa'idar ita ce:

∫ sin x dx = −cos x + C

Ɗalibai suna haddace wannan tare da ƙa'idodi uku masu kama da ita, sai a ɗakin jarrabawa su rikice kan wadda ke da ragi. Na gaya musu su daina dogaro da hadda su dubi dalilin. Tsakanin 0 da π, sin x yana sama da sifili, don haka abin da ake tarawa ƙaruwa yake yi. Shi kuwa cos x a wannan tsakanin raguwa yake yi. Abin da ke raguwa ba zai zama jimlar abin da ke ƙaruwa ba, sai an juya shi. Daga nan ragin ya fito.

Yanzu a sa iyakoki, daga 0 zuwa π. Iyakar sama tana ba da −(−1), wato 1. Iyakar ƙasa tana ba da −1. A cire na biyu daga na farko:

1 − (−1) = 2

A takardun da na duba na ga amsa uku. Wanda ya yi daidai ya samu 2. Wanda ya mance ragin tun farko ya samu −2. Wanda ya riƙe ragin amma ya haɗiye ɗaya daga cikin biyun da suka haɗu a ƙarshe ya rubuta 1 − 1, ya samu 0. Abin da ke damuna ba kuskuren ba ne, kowa na iya tuntuɓe. Abin da ke damuna shi ne mutum ya rubuta 0 ko −2, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, bai tsaya ya tambayi kansa ko hakan zai yiwu ba. Tudu ne da ke zaune gaba ɗayansa a saman layin kwance. Filinsa ba zai zama sifili ba, balle ya gaza sifili. Tsawonsa 3.14, tsayinsa 1, don haka ba zai kai 3.14 ba, kuma ya fi alwatikar da za a zana a cikinsa, mai girman 1.57. Cikin amsoshin uku 2 ce kaɗai ke iya zama a wannan tsakanin.

Batun baka shi na fi ba wuri a wasiƙar, domin shi ya fi cin maki, kuma shi ya fi sauƙin magani. Ga tambayar da na warware musu:

∫₁² (3x² − 4x + 5) dx

Kusan kowa ya yi matakin farko daidai, wanda shi ne ainihin darasin jami'a: 3x² ta koma x³, 4x ta koma 2x², 5 ta koma 5x. An samu x³ − 2x² + 5x. Saura a sa 2, a sa 1, a cire. Idan x ta zama 2 ana samun 8 − 8 + 10, wato 10. Idan ta zama 1 ana samun 1 − 2 + 5, wato 4. Amsa ita ce 6. Layin da ya kamata a gani a takarda shi ne:

(8 − 8 + 10) − (1 − 2 + 5) = 10 − 4 = 6

Abin da na yi ta gani kuwa shi ne:

8 − 8 + 10 − 1 − 2 + 5 = 12

Dubi abin da ya faru. Ɗalibin ya san cirewa ake yi, ya ma rubuta alamar ragi. Amma da yake bai buɗe baka ba, ragin ya hau kan lambar farko kaɗai, wato 1, sauran biyun suka wuce da alamominsu na da. Ya kamata −2 ta koma +2, +5 ta koma −5. Bakar ce ke gaya wa ragin cewa duk abin da ke ciki nasa ne. Ba a rubuta ta ba, sai amsa ta ninka.

Ta yaya mutum zai gane ya kauce, tunda a ɗakin jarrabawa ba mai gaya masa? Sai ya koma kan lissafin asali, 3x² − 4x + 5, ya auna tsayinsa a iyakokin biyu. A 1 tsayinsa 4 ne. A 2 tsayinsa 12 − 8 + 5, wato 9. Tsakaninsu hawa kawai yake yi, kuma faɗin filin 1 ne tak. Filin da faɗinsa 1, tsayinsa bai gaza 4 ba bai wuce 9 ba, dole girmansa ya faɗa tsakanin 4 da 9. Don haka 12 ba ta da wurin zama. Wannan awon ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Na san dalilin da ke sa ɗalibai tsallake layin bakar. Suna ganin ɓata lokaci ne, wasu ma suna ganin rubuta shi alama ce ta wanda bai ƙware ba, gwani a ka yake yi. Sauri kuwa kan haifi nawa. Ban da haka, yawancinmu muna raba makin tambaya ne gida biyu, na hanya da na amsa. Wanda ya rubuta bakarsa daidai sannan ya yi kuskuren tarawa a ƙarshe, makin amsa kaɗai zai rasa. Wanda ya yi tsalle daga x³ − 2x² + 5x zuwa 12 bai bar wa malami abin da zai kama ya ba shi maki ba, ko da malamin na so.

Akwai wata bakar kuma da kalkuleta ke jawowa, ita ma ta sha kan mutane. Idan iyakar ƙasa lamba ce mai ragi, kamar a nan:

∫₋₂¹ (2x + 6) dx = [x² + 6x]₋₂¹

to dole a ninka −2 da kanta, a samu 4. Amma wanda ya danna −2² a kalkuletar kimiyya irin wadda ɗalibai ke riƙewa, −4 zai gani. Na'urar ba ta lalace ba. Ƙa'idar lissafi ce ta ce a fara ninka 2 da kanta kafin a ɗora ragi, sai dai idan an danna (−2)². Mai baka zai samu 7 − (4 − 12), wato 15. Marar baka zai samu 7 − (−4 − 12), wato 23, kuma zai rantse da amsarsa tunda a fuskar na'ura ya gan ta. Nan ma awo na kama shi: 2x + 6 miƙaƙƙen layi ne da ya tashi daga tsayin 2 zuwa 8, tsaka-tsakinsa 5, faɗinsa 3, sai 15.

Sai iyakoki. Juya su, wato cire na sama daga na ƙasa, kuskure ne da ake samu, amma alamar amsa kawai yake juyawa, kuma mai lura yana ganewa nan take. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne na musanya. Wani lokaci lissafin yakan zo a cukurkuɗe, sai a ɗauki wani ɓangarensa a ba shi sabon harafi don ya sauƙaƙa. Misali:

∫₀² 2x(x² + 1)² dx

A nan sai a ce u = x² + 1. Saurin canjawar u shi ne 2x, wanda ga shi nan zaune a gaba, don haka 2x dx ta koma du, lissafin duka ya koma u² du, wanda ke ba da u³/3. Har nan ɗalibai na tafiya daidai, da yawansu ma da murna, domin sun gano dabarar. Sai su ɗauko 0 da 2 su zuba cikin u³/3, su samu 8/3, wato kimanin 2.67.

Amma 0 da 2 iyakokin x ne, ba na u ba. Lokacin da x take 0, u tana 1. Lokacin da x take 2, u tana 5. Tafiyar da x ta yi daga 0 zuwa 2, ita u daga 1 zuwa 5 ta yi ta. Don haka:

[u³/3]₁⁵ = 125/3 − 1/3 = 124/3

Kimanin 41.33 ke nan. Ka ga tazarar da ke tsakaninta da 2.67. Da ɗalibin ya gwada x = 1 a lissafin asali zai ga tsayin 8, a x = 2 kuwa 100. Daga 1 zuwa 2 kaɗai filin ya wuce 8, to ina 2.67 za ta fito? Shawarar da na ba su ita ce, a layin da suka rubuta u = x² + 1, a nan take su rubuta sababbin iyakokin a gefe kafin su ƙara ko harafi ɗaya. Wanda ba ya son canja iyaka yana da wata hanyar: ya mayar da u zuwa x² + 1 tukuna, sannan ya sa 0 da 2. Duka biyun halal ne, kuma amsa ɗaya suke bayarwa. Haɗa rabin wannan da rabin waccan ne ba ya yiwuwa.

A wannan tambayar akwai wani ƙaramin tarko. Ɗalibai sun saba cewa idan iyakar ƙasa 0 ce, abin cirewa ma 0 ne, domin haka yake a x² ko x³. Sai su daina lissafa ta. A nan kuwa (0 + 1)³/3 ba sifili ba ce, 1/3 ce. Wanda ya yi watsi da ita zai samu 125/3, kimanin 41.67. Na kawo wannan ne don in nuna musu inda awon ido ke gazawa: tsakanin 41.33 da 41.67 ba zanen da zai raba maka. Awo yana kama babban kuskure ne, ƙarami kuwa sai rubuta kowane mataki. Haka shi ma ɗaya gwajin da muke koyarwa, wato a ɗauki abin da aka samu a yi masa difarenshiyeshan a ga ko zai dawo da lissafin asali. Yana kama ragin da ya ɓace a −cos x nan take, amma ba ruwansa da abin da ya faru bayan an fara zuba lambobi. Kowane gwaji da irin ɓarnar da yake gani, shi ya sa nake son a yi duka biyun.

Na rufe jerin da wata tambaya wadda ƙwararrun ajin ne suka fi faɗawa cikinta, ita ce kuma na fi so mai karatu ya tsaya a kanta:

∫₋₁¹ (1/x²) dx

Ƙa'ida ta ce 1/x² tana komawa −1/x. A sa 1, a samu −1. A sa −1, a samu 1. A cire, a samu −2. Ba ragin da ya ɓace, ba bakar da aka tsallake, ba iyakar da aka juya. Duk da haka amsar ƙarya ce. Ai x² ba ta taɓa gaza sifili, don haka 1/x² kullum tana sama, kuma tara abubuwan da duk ke sama da sifili ba zai haifar da −2 ba. Matsalar tana tsakanin iyakokin ne. Daga −1 zuwa 1 sai an ratsa ta 0, a 0 kuwa lissafin ba shi da ma'ana, tunda ba a raba lamba da sifili. Kusa da wurin tsayin yana tashi ba ƙaƙƙautawa: a 0.1 ya kai 100, a 0.01 ya kai 10,000. Filin daga 0.1 zuwa 1 girmansa 9 ne, daga 0.01 ya zama 99, daga 0.001 ya zama 999, haka zai yi ta tafiya ba inda zai tsaya. Amsar gaskiya ita ce wannan filin ba shi da iyakar girma. Dabarar "sa na sama, cire na ƙasa" tana da sharaɗi, shi ne lissafin ya tafi bai yanke ba daga wannan iyaka zuwa waccan. Muna faɗin sharaɗin a aji, amma da yake mafi yawan tambayoyi sun cika shi, sai ɗalibi ya mance akwai shi. Kafin a fara aiki ya kamata a duba ko akwai wurin da ƙasan lissafin ke zama sifili tsakanin lambobin nan biyu.

In aka cire wannan ta ƙarshe da ta musanya, sauran kurakuran ba na jami'a ba ne. Cire abin da ke cikin baka, ragi ya haɗu da ragi, bambancin −2² da (−2)², duk darussan ƙaramar sakandare ne. Yaro ya wuce su da rabin fahimta, babu wanda ya tsayar da shi, sai bayan shekaru su dawo su sa shi maimaita kwas, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa kalkulas ta fi ƙarfinsa. Wannan hukuncin ne ke min ciwo, domin na ga takardarsa, na kuma ga cewa ɓangaren mai wuyar ya iya shi.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana malaman sakandare: kada ku karɓi amsa daga yaro ba tare da layin bakar ba, ko da amsar daidai ce. Ku ba shi 10 − (1 − 2 + 5) ya warware a allo, ya faɗi da bakinsa abin da ya sami kowace alama. Ku kuma ɗalibai masu shirin jarrabawa, ku ware mintunan ƙarshe na kowace tambaya ku zana ɗan hoton filin a gefen takarda, ku auna tsayinsa a iyakokin biyu, ku ga ko amsarku za ta shiga ciki kafin ku ja mata layi.